Na saka wa yara lokacin intanet a rauta, amma babban yana shiga da dare

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saita rautar gidanmu ta riƙa yanke wa yarana biyu intanet da ƙarfe tara na dare. Ƙaramar tana yankewa, amma yayanta mai shekara 14 har ƙarfe ɗaya ina jin sa yana kallo. Ina kuma so in toshe shafukan batsa. Ina na kuskure? — Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rauta ba ta san ɗanki ba, lambar shaidar wayarsa ta sani, wato wadda ake kira MAC, mai haruffa da alƙaluma 12. A kan wannan lamba kika ɗora dokar ƙarfe tara. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya kan ƙirƙiri lambar bogi ta daban ga kowane sunan wayifai da ta shiga. Rautoci da yawa kuma suna fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4GHz, ɗaya na 5GHz. Idan kin saka dokar lokacin da wayarsa ke kan na farko, da ya koma na biyu sai rauta ta ɗauke shi baƙo, ta buɗe masa ƙofa. Mai yiwuwa ma bai san abin da ya faru ba, ya dai lura cewa ɗayan “yana kawowa”.

Ga yadda za ki gane. Bayan ƙarfe tara, ki buɗe shafin rautar a burauza. Adireshin yana rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu ƙananan na layin waya kuma 192.168.8.1. Ki duba jerin na'urorin da ke haɗe. In kin ga wadda ba ki sani ba tana jan data, wani lokaci ma ba ta da suna, to ita ce.

Gyaran da sauƙi: ki karɓi wayar, ki shiga saitin wayifai ɗin gidan, ki zaɓi Use device MAC a Android, ko ki kashe Private Wi-Fi Address a iPhone, a kan sunayen biyu. Sannan ki sake ɗora dokar kan lambar ta gaskiya. Sai dai ɗan shekara 14 zai iya mayar da saitin cikin minti ɗaya. Shi ya sa na fi son a juya dokar: maimakon a lissafa waɗanda aka hana, a lissafa waɗanda aka yarda da su. A ƙarƙashin Access Control ko MAC Filter za ki ga Whitelist ko Allow List. Ki saka wayoyin gidan duka, ki fara da taki don kada ki kulle kanki a waje. Daga nan duk sabuwar lamba ba ta shiga. Wahalarsa ita ce baƙo in ya zo sai kin ƙara shi da hannu.

Ki leƙa agogon rautar ma. Yawancinsu ba su da batirin riƙe lokaci, daga intanet suke karɓa duk sanda aka kawo wuta. Ki tabbatar yankin lokaci yana kan GMT+1, in ba haka ba taranki ta zama goma ko takwas a wurinta.

Batun toshe shafuka kuwa, kada ki ɓata lokaci kina rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ba za su ƙare ba. Ki canza DNS na rautar, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, ki saka wanda ke ƙin fassara na batsa. Kamfanin Cloudflare na da na kyauta:

```
Primary DNS:   1.1.1.3
Secondary DNS: 1.0.0.3
```

Guraben biyu duka ki cike su da masu tacewa. Mutane kan saka 8.8.8.8 na Google, wanda ba ya tacewa, a na biyu don ko-ta-kwana, nan kuwa tacewar ke yoyo. Wannan saiti zai shafi kowa a gidan, har da ke da maigida.

DNS sunan shafi kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke cikin YouTube ko TikTok, kuma VPN ko saitin Private DNS a wayar na iya zagaye shi. In kuma akwai layi mai data a wayar, rauta ba ta da iko a kansa ko kaɗan. Wannan ɓangaren sai daga cikin wayar, da kayan sa idon iyaye, wato Family Link a Android ko Screen Time a iPhone. Kafin duk wannan, ki canza kalmar sirrin shiga shafin rautar, don in har yanzu admin ce, tana nan rubuce a ƙasan na'urar inda shi ma zai karanta.