Yafe wa aminin da ya tona sirri

"Aminina ne tun muna yara a Agege, na gaya masa bashin da ya karya jarina, ya yaɗa a majalisa. Na kasa yafe masa. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, ina ganin abin da ya ɗaure ka shi ne ka haɗa yafiya da mayar da amana, alhali kana iya sauke haƙƙinka daga wuyansa ba tare da ka sake ba shi sirrinka ba. Ka same shi ku biyu kaɗai, ka tambaye shi wa ya fara gaya wa, kuma me ya sa. Idan ya amsa laifinsa bai kawo hanzari ba, ka nemi ya koma majalisar ya tsawata a bar maganar. Idan kuwa ya musanta, ka riƙe gaisuwa, domin Annabi (SAW) ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3, amma zancen kasuwancinka ya tsaya a bakinka.