Me ya sa hukunci ke zuwa ƙarshen rahoton hoton asibiti?

"Ranka ya daɗe, likitocin da ke turo mana marasa lafiya Impression, wato sashen hukunci, kawai suke karantawa. Me zai hana in fara da shi, in huta da cike layukan Findings, wato abin da na gani a hoton, ɗaya bayan ɗaya?"

Ƙanena, gaskiya ne can idonsu ke fara sauka, kuma akwai asibitocin da ke ɗaga shi sama don sauƙin mai karatu. Amma ko a can, daga baya ake rubuta shi. Idan ka yanke hukunci tun farko, idonka zai koma neman abin da zai gaskata ka ne kawai, sauran gaɓoɓin kuma ka wuce su da sauri.

Mu ɗauki matashiya mai sikila, shekara 24, an turo ta daga Bukuru da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wannan bayani shi ne Indication, kuma tambayar likitanta ɗaya ce: maɗaciya ce ta kumbura? A Technique ka faɗi cewa sikanin ciki ne, kuma ta yi awa 6 ba ta ci abinci ba. Kada ka raina wannan layin, domin maɗaciyar wanda ya ci abinci tsukewa take yi, bangonta ya yi kamar mai kauri. A Comparison ka rubuta ranar tsohon hoto, ko ka ce babu.

A Findings abin da ka gani ka auna kaɗai ke shiga, gaɓa bayan gaɓa. Hanta santimita 14, ba ƙari a cikinta. Maɗaciya akwai dutse mai santimita 1.5 a wuyanta, yana jefa inuwa a bayansa, kuma bai motsa ba da aka juyar da matar gefen hagu. Kaurin bango milimita 5, alhali bai kamata ya wuce 3 ba. Akwai ɗan ruwa kewaye da ita, kuma matar ta zabura da ka danna daidai kan maɗaciyar. Babban bututun da ke kai ruwan maɗaciya hanji milimita 5, wato bai buɗe ba, tunda har 6 ana karɓa. Ƙodar hagu tana da ƙunshin ruwa na santimita 2, mai siririn bango, ba komai a cikinsa.

Ka lura har yanzu ba ka kira sunan cuta ba. Kaurin bango shi kaɗai bai isa hujja ba, don ciwon hanta yana kawo shi, taruwar ruwa a ciki ma haka, haka kuma gazawar zuciya. Sai ka bi layin hanta ka ga lafiya, ka duba ka ga ba ruwa kwance a ciki, sannan kaurin nan ya haɗu da dutsen da ya maƙale da zafin dannawa su zama magana ɗaya. Amfanin jerin ke nan, yana tilasta maka kore sauran dalilai kafin ka buɗe baki.

Fom ɗin rahoton kansa yana da tarko, kuma a nan nake so ka fi sa ido. Yawanci yakan zo da kowane layi a cike da "lafiya lau", kai ne za ka canza. A babban mai sikila saifa takan motse har a kasa ganinta. Idan ka bar layin yana cewa saifa daidai take, likitan jini zai gane ba ka duba ba, daga nan sauran rahoton ma ya daina yarda da shi. Abin da iskar hanji ta rufe maka kuwa, rubuta cewa ba a gan shi ba, kada ka ce lafiya.

Impression na wannan mata bai wuce layi uku ba. Na farko ya amsa tambayar: kumburin maɗaciya na gaggawa saboda dutse a wuyanta, likitan tiyata ya gan ta yau. Na biyu, bututun bai toshe ba, abin da mai tiyata zai fara tambaya ke nan. Ƙunshin ruwan ƙoda ya zo ƙarshe, da bayanin cewa ba ya buƙatar bibiya. Ka jera su bisa haɗari, ko da ya saɓa wa jerin gaɓoɓin da ke sama. Kada ka sake kwafo awon hanta, kuma kada wani abu ya bayyana a nan wanda babu shi a Findings.

Kafin ka sa hannu, karanta sassan biyu tare, ka tabbatar hagun da ka rubuta a sama bai zama dama a ƙasa ba. Sakamako irin wannan kuma ba a barinsa ya jira a takarda. Ka buga wa likitanta waya, sannan ka rubuta sunan wanda ka faɗa wa da lokacin a ƙasan Impression.