Inci 32 ɗin tele, ta ina ake auna shi?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a unguwar Birni: "Malam barka da aiki. Na sayi tele an rubuta 32 a kwali, mai shago ya ce pus 32 ne, yarona ya ce inci ne, wai santimita 81. Na sa metir faɗinta 71 kawai na samu. Shin inci da pus ɗaya ne, kuma cinikin biri a sama na yi?"

Malam, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Kalmomin biyu baƙi ne a Hausa, kowace da ƙofar da ta shigo. Inci daga Turancin Ingilishi yake, ya biyo kaya da ƴan kasuwa ta hanyar Kano, pus kuwa na Faransanci ne, asalin ma'anarsa babban yatsa. A kan tele awo ɗaya suke nufi, santimita 2,54. Mu dama muna da namu na jiki, taƙi da kamu da gaba, to su ma da yatsa suka fara.

Lissafin yaronka daidai ne, 32 sau 2,54 ya ba da 81 da ɗan ɗoriya, inda aka samu saɓani shi ne ta ina za a ja metir ɗin, don masu ƙera tele ba faɗi suke faɗa ba kuma ba tsayi ba, daga kusurwar ƙasa ta hagu suke ja a karkace har kusurwar sama ta dama, kuma gilashin kaɗai, ban da baƙin bakin da ya kewaye shi. Koma ka ja haka za ka ga 81 ɗinka. Ni "awon kusurwa zuwa kusurwa" nake ce masa. Wasu na cewa "a gicciye" amma ban so ba, don abin da ya gitta hanya ma a gicciye yake alhali a miƙe ya ratsa ta.

Yanzu yadda za ka fitar da faɗi da tsayi tun kana gida. Telen zamani kusan duk 16:9 ne, wato in ka kasa faɗin kashi 16, tsayin zai ɗauki 9 na irin wannan kashin. Sai a nemo kashi nawa ne layin karkacen. Magina sun san wannan ko da ba su shiga lakwal ba, in za su daidaita kusurwar ɗaki sai su auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in igiyar tsakani ta ba da 5 to gini ya tsaya. Dalili, 3 sau 3 da 4 sau 4 in an haɗa 25 ne, 5 sau 5 ke nan. Haka za ka yi wa 16 da 9, ka danna a kalkuletar wayarka:

```
16×16 + 9×9 = 337
√337 = 18,36
81,3 ÷ 18,36 = 4,43
```

Kashi ɗaya a telenka santimita 4,43 ne. Sau 16 ya kai kusan 71, abin da metir ɗinka ya nuna ke nan, sau 9 kuma kusan 40, tsayin ke nan. In ba ka son dogon lissafi, ka ninka awon karkacen da 0,87 ka samu faɗi, da 0,49 ka samu tsayi, amma fa a 16:9 kaɗai wannan yake ci. Wayoyin yanzu dogaye ne sirara, nasu kason daban.

Wurin da ni kaina na sha mamaki shi ne ranar da muka sauke tsohuwar telen gidanmu mai ƙaton ƙeya. Ita 4:3 ce, 3 da 4 da 5 ɗin magina sak, an rubuta mata 21, wato santimita 53, tsayi ya kama santimita 32 a lissafi, ko da yake a irinsu bakin robar kan ɓoye ɗan gefen gilashin. Na kawo sabuwa mai 24 ina taƙama an samu ƙari, tsohuwata ta dube ta ta ce ai wannan gajera ce. Ta fi ni gaskiya, 24 santimita 61 ne, sau 0,49 bai kai 30 ba. Sai an kai wajen inci 26 kafin tsayin ya kamo na tsohuwar telen.

Maganar biri kuwa, ana faɗinta ne ga wanda ya biya kuɗin abin da bai zo hannu ba, yana can bisa itace yana iya tsallakewa. Kai telenka na ɗaki kana kallon labarai, karin maganar bai hau kanka ba. In dai kafinta zai yi maka akwatin ajiye ta, kar ka ba shi 71 da 40, na gilashi ne kaɗai, ya zo da metir ɗinsa ya auna har baki da ƙafafu, ya bar ɗan fili a baya don iska, ka san zafin Damagaram a watan Afrilu.