Albashi Tsayayye Ko Kamasho? Fara Da Lissafin Watan Da Kasuwa Ta Kwanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata shida ina tsaron shagon maigidana a kasuwar Singa ta Kano. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi zai ɗauke ni aikin tallata kaya, sun ce in zaɓa: ko naira 180,000 a wata tsayayye, ko 110,000 da ƙarin 120,000 in na yi cinikin miliyan 30. In na kai kashi 80 cikin ɗari a ba ni rabin ƙarin, ƙasa da haka babu komai. Ina da mata da yara biyu, gidana yana cin 150,000 a wata. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan ƙofa da ta buɗe maka. Na san idonka yana kan 230,000, kuma duk wanda aka shimfiɗa wa wannan tayi can yake fara kallo. Amma wannan kuɗin na watan da komai ya tafi daidai ne. Kai da ka kwana biyu a Singa ka fi ni sanin cewa watanni goma sha biyu ba su taɓa zama iri ɗaya ba.

Ɗauko biro mu yi lissafin shekara. Tsayayyen albashin zai ba ka 2,160,000. Ɗayan kuwa gindinsa 1,320,000 ne, wato akwai giɓin 840,000 da sai kamasho ya cike shi kafin ma ku yi kunnen doki. Wannan giɓi daidai yake da wata bakwai cif kana cika miliyan talatin ɗin nan. To mu ɗauka shekara ta zo maka madaidaiciya: wata huɗu ka cika, wata biyar ka tsaya a kashi tamanin da wani abu, wata uku ka gaza. Watanni huɗun 920,000 ne, biyar ɗin 850,000, ukun 330,000. Jimilla 2,100,000. Ka ga ka sha rana, ka sha zullumi, kuma wanda ya ɗauki tsayayye ya fi ka da 60,000. Wannan misali ne na kafa maka, ba duba na yi ba, amma ka canza lambobin yadda ka ga dama, za ka ga sai shekara ta yi kyau sosai tayi na biyu yake wuce na farko.

Abin da ya fi damuna a tayin nan shi ne ramin da ke ƙarƙashin kashi tamanin. Kashi tamanin na miliyan talatin miliyan 24 ne. In ka yi cinikin miliyan 23 da dubu ɗari tara, kai da wanda ya wuni a gindin bishiya abu ɗaya za ku karɓa. Kuma a irin wannan wata 110,000 ce za ta shigo gidan da yake cin 150,000. Ina 40,000 za ta fito? In ba ka da ajiya, daga bashi za ta fito, ko daga kayan ɗakin uwar yara. Watannin nan kuma ba sa zuwa a warwatse. Gabanin azumi sukari da madara da taliya da mai suna tashi kamar a kyauta, bayan Sallah kasuwa ta lafa, damina ta sauka mutanen karkara su zuba kuɗinsu a taki da noma, motocin ƙauye su ragu a bakin kasuwa har kaka ta yi. Wata biyu ko uku a jere kana iya samun kanka a ramin. Ga kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa, kamar ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko dokar hana fita da aka sa a Kano a watan Agustan 2024.

Ramin nan yana lalata mutum ta wata hanyar da ba a cika faɗa ba. Na san wani yaro mai ƙwazo da ya yi irin wannan aiki da wani kamfanin da ba zan ambata ba. Ranar 28 ga wata ya duba ya ga saura miliyan biyu ya haye. Ya bi 'yan tireda da masu shagunan unguwa yana roƙo: "Alhaji, karɓi katan hamsin, ka biya in ka sayar." Ya haye ɗin, aka biya shi. Wata na gaba kayan suna jibge a shagunan mutane, babu mai neman sabo, biyu daga cikinsu suka riƙe kuɗi, kamfani ya fara yanka daga albashinsa. Kamashon wata ɗaya ya ci masa na wata uku, ya kuma ɓata shi da mutanen da ya yi shekaru yana hulɗa da su. Har yau in na tuna raina yana sosuwa, don ba rago ba ne, tsarin ne ya tura shi.

Saboda haka kafin ka sa hannu, koma ka tambaye su a kan me ake ƙirga cinikin: kayan da suka fita daga sito, ko kuɗin da suka shiga asusun kamfani? In kuɗin da suka shiga ne, to duk kwastoman da ya yi jinkirin biya aljihunka ya taɓa. Ka tambayi abin da zai faru in kaya sun yanke a sito na mako biyu saboda tirela ba ta iso daga Legas ba, za a rage maka adadin ko kuwa? Wa yake da ikon ɗaga miliyan talatin ɗin, kuma yaushe? Kamfanoni da yawa da zarar ka cika sau biyu a jere sai su ƙara. Sannan ka nemi wanda ya riƙe yankin kafin kai, ko wani da yake aikin yanzu, ku sha shayi, ka tambaye shi wata nawa ya cika a bara. Amsarsa ta fi duk abin da manaja zai faɗa maka. Abin da aka amsa maka kuma ya shiga takardar ɗaukar aiki, har da wanda zai riƙa zuba man babur da katin waya.

Akwai wani ɗan abu da ake mantawa. A dokar fansho ta 2014 kamfani yana zuba akalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma galibi a kan tsayayyen ɓangaren albashi ake lissafawa, ba kamasho ba. In kamfanin yana cikin tsarin, bambancin 70,000 ɗin nan yana iya zama kusan 7,000 a wata da za ka rasa daga hannunsu.

Ba ina cewa kamasho ba shi da amfani ba. Ga wanda yake da ajiyar abincin wata uku ko huɗu, ga kwastomomin da za su bi shi duk inda ya koma, kuma ana biyan sa tun daga katan na farko ba tare da rami ba, yana iya fin albashi nesa ba kusa ba. Kai dai ba ka kai nan ba tukuna, yankin sabo ne a wurinka, kuma gindin albashin bai ɗauke gidanka ba.

Ni a matsayinka 180,000 zan ɗauka, in roƙi a rubuta cewa bayan wata shida ko shekara ina da damar komawa ɗaya tsarin. A wannan lokaci ka sayi ɗan littafi kana rubuta cinikinka na kowane wata, kana ware 30,000 ɗin da ta ragu a gefe. In kuma suna son ka sosai, ka gwada ciniki da su kamar yadda ka saba a shago: su sa gindin ya zama 150,000, su rage kamashon zuwa 70,000, a fara biyan sa daga kashi sittin. In suka ƙi taɓa ramin ko kaɗan, ka ce musu tsayayyen kake so. Allah ya yi jagora, ka gaishe da maigidanka, kuma ka rabu da shi lafiya.