Aikin yanar ido ba tare da kwana ba: inshora za ta biya?

Tambaya: "Za a yi wa Baba aikin yanar ido a nan Katsina, an ce ranar za a sallame shi. Wai inshora ba ta biya sai an kwantar da mutum, haka ne?"

Allah Ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Kwana a asibiti ba shi ne ma'auni ba. Abin da ake dubawa shi ne ko aikin yana cikin jerin abubuwan da tsarinku ya ɗauka. Aikin yanar ido kansa da wuya ya wuce rabin awa: a kashe zafin idon, a cire 'yar ƙwayar cikin idon da ta yi hazo, a sa ta roba, a rufe idon, sai gida. Washegari a dawo a buɗe.

Inda mutane ke yin asara shi ne wajen izini. A tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, asibitin da Baba ya yi rajista shi zai rubuta takardar tura shi wurin likitan ido, sannan a nemo lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarsa kafin ranar aiki. In kuka biya da kanku kafin lambar ta fito, mayar da kuɗin sai an sha wahala, wani lokacin ma ba a mayarwa. In kuma KTSCHMA ce, hukumar inshorar lafiya ta jihar Katsina, ku je teburinsu a asibitin ku nemi a nuna muku jerin a rubuce, kada ku tsaya ga "an ce".

Ku tambaya musamman ko kuɗin ƙwayar robar na ciki, don wasu tsare-tsaren aikin kawai suke biya, ko su sa iyaka. Maganin ɗigawa kuwa, ma'aikaci mai NHIA yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa.