Me ya sa ciwon zuciya da ciwon ƙoda suke kawo kumburi iri ɗaya?

Tambaya: "Ɗalibar aikin jinya ce ni. A ɗakin da aka tura ni akwai dattijo mai ciwon zuciya da yaro mai ciwon ƙoda, dukansu sun kumbura. Ta yaya cuta biyu daban za su kawo abu ɗaya?"

Ƙanwata, amsar tana jikin bangon ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda muke kira kafilari. Bangon nan yana barin ruwa da gishiri su wuce, amma yana tare yawancin furotin. Ƙarfi biyu ne manya suke ja-in-ja a kansa. Akwai matsin jinin kansa, wanda ke tura ruwa waje. Akwai kuma jan da furotin na jini ke yi wa ruwa, musamman albumin da hanta ke sarrafawa, shi kuma riƙe ruwan yake a ciki. Ernest Starling ne ya bayyana wannan a 1896.

A farkon kafilari matsin jini ya kai kamar 35 mmHg, jan furotin kuma kamar 25, saboda haka rarar 10 ce ke fitar da ruwa. Kafin jinin ya isa ƙarshe, matsin ya sauka zuwa kamar 15, furotin kuwa yana nan a 25 ɗinsa. Tsofaffin littattafai sun ce a nan yawancin ruwan ke komawa jini. Binciken baya-bayan nan ya nuna a yawancin sassan jiki fitar ce kawai ke raguwa, jijiyoyin limf ne ke kwashe abin da ya fita su mayar, kamar magudanar da ke janye ruwan sama. Kumburi na zuwa ne idan abin da ke fita ya fi ƙarfin kwashewarsu.

To ɗauki yaron. Idan irin ciwon ƙodar nan ne da furotin ke zuba a fitsari, za ki ga fitsarinsa na kumfa. Albumin na mai lafiya giram 35 zuwa 50 ne a lita. A ce nasa ya faɗi zuwa 18, jan furotin ya koma kamar 12. Yanzu a farko rarar ta zama 23, a ƙarshe ma 15 ta fi 12, wato ruwa na ta fita daga farkon jijiyar har ƙarshenta. Ki duba fuskarsa da sassafe: fatar idonsa ce za ta fara cika, don naman wurin sakwa-sakwa ne, ga shi ya kwana a kwance.

Dattijon kuwa, mai yiwuwa albumin ɗinsa lafiya lau. Zuciyarsa ce ta gaza karɓar jinin da ke dawowa, sai ya taru a baya. A ce matsin ƙarshen kafilari ya tashi daga 15 zuwa 30. Furotin na jan 25 ɗinsa yadda ya saba, amma an fi ƙarfinsa da 5. Shi ya sa kumburinsa ke bin nauyi: idon sawu da yamma, kuma in ya daɗe a gado, ƙugu. Na sha ganin an duba ƙafar majinyaci an rubuta kumburi ya sauka, alhali ruwan ya koma ƙugu ne. Ki juya shi ki duba. Ki kalli jijiyar wuyansa ma, sau da yawa za ki same ta a cike.

Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne rawar ƙoda. Ruwan da ke cikin jinin babban mutum kamar lita uku ne kawai, kuma sai kamar lita biyu da rabi zuwa uku sun taru a nama kafin ido ya ga kumburi. Ina sauran ya fito? Ƙoda ce ke riƙe gishiri da ruwa, ko don jinin da ke isa gare ta ya ragu, ko don ita kanta ta kamu, abin da ta riƙe kuma ya sake tsiyaya waje. Wannan ne dalilin rage gishiri da ba da maganin sa fitsari, da auna nauyi kowace safiya: kilo ɗaya da ya ƙaru a dare ɗaya, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Amma a yi hattara da yaron, don jikinsa na iya cika da ruwa alhali jijiyoyinsa a bushe suke. In aka matsa masa da maganin, jininsa zai iya faɗuwa, ƙodar ta ƙara lalacewa.

Wajen gwaji, ki danna babban yatsanki a kan ƙashin ƙwauri na wasu daƙiƙu. In ya bar rami, ruwa ne da ke iya gusawa, kamar na majinyatan nan biyu. Toshewar limf da ta daɗe, irin ta tundurmi, fata kan yi kauri har ta daina lotsawa. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya da zafi, ki ajiye zancen zuciya da ƙoda, ki sanar da likita nan take, don yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya.