Rantsuwa da wanin Allah da kuma riya

"Malam, ni ba na bautar gunki, ina salla. To ta ina shirka za ta same ni?"

Ɗan'uwa, tauhidi ba ya tsaya ga yarda cewa Allah ne mahalicci ba, domin mushrikan Makka ma sun yarda da haka. Sai ka keɓe Shi da bauta: addu'a, yanka, bakance, dogaro.

Babbar shirka ita ce ka karkatar da ɗaya daga cikinsu ga waninSa, kamar wanda boka ya ce ya yanka baƙin zakara don aljanu. Wannan tana rushe aiki gaba ɗaya, kuma Suratun Nisa'i aya ta 48 ta ce Allah ba ya gafarta ta ga wanda ya mutu bai tuba ba.

Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ɓoyayyiya, wato riya. Kana nafila a masallaci, ka ji takun surukinka, sai ka tsawaita sujada. Idan tunanin ya zo ka ture shi, sallarka lafiya lau. Idan ka biye masa, ladan abin da ka ƙawata dominsa ya tafi. Gwada kanka: haka kake yi in kana ɗaki kai kaɗai?

Rantsuwa da kabarin uba ma ƙaramar shirka ce. Ba ta fitar da mutum daga Musulunci, amma tuba ta wajaba.